Kalma biyu cikin arba'in: yadda ƙarancin kalmomi ke kayar da gwanin karatu a ofis

Mu ƙaddara wani matashin ma'aikaci a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya a Abuja, mataimaki na musamman ga wani darakta. Da hantsin Litinin aka turo masa takardar sanarwa ta Turanci mai shafi biyu a kan kuɗin tafiya kwas, maigidansa kuma ya ce ya taƙaita masa ita kafin azahar. Matashin ba baƙon karatu ba ne. Ya fara da kanun takardar, ya duba ofishin da ya fitar da ita da kwanan wata, ya bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya yana ja wa muhimman wurare layi, sannan ya koma ya sake karanta inda ya ga alamar sharaɗi. Duk abin da malaman karatu ke koyarwa ya yi shi. Ya rubuta taƙaitawa mai tsabta, darakta ya sa hannu a kan sunaye huɗu, aka tura sashen kuɗi. Bayan kwana uku fayil ya dawo, an soke biyu daga cikin sunayen, an kuma rubuta a gefe cewa a sake duba sakin layi na biyar.

Irin wannan kuskure akan ɗora shi a kan gaggawa ko sakaci, a ja wa mutum kunne ya riƙa natsuwa. Amma matashin ya natsu, sau biyu ma ya karanta sakin layin. Abin da ya kayar da shi kalmomi ne guda biyu, kuma sake karatu sau goma ba zai canza komai ba. Masana koyon harshe na biyu sun shafe fiye da shekara arba'in suna nazarin wannan matsala, abin da suka gano kuwa ya shafi duk wanda ya tashi da Hausa a baki amma yake cin abinci da takardun Turanci.

Matsalar karatu ce ko ta harshe?

A shekarar 1984 masanin nan ɗan Birtaniya, Charles Alderson, ya yi wata tambaya da ta zama ginshiƙi a wannan fanni: idan mutum ya kasa fahimtar rubutu a baƙon harshe, shin karatu ne bai iya ba, ko kuwa harshen ne bai ishe shi ba? Amsar tana da muhimmanci domin maganin kowanne daban ne. Wanda bai iya karatu ba dabaru yake bukata, wato yadda ake hasashen abin da ke tafe, da gano jigon magana, da tsallake abin da ba shi da amfani. Wanda harshe ya gaza masa kuwa, ƙarin dabaru ba zai tsinana masa abin kirki ba.

Kafin wannan, a 1980, Mark Clarke ya gwada masu jin Sifaniyanci da ke koyon Turanci. Ya ware gwanayen karatu da raunana bisa yadda suke karanta harshensu, sannan ya ba su rubutun Turanci. Sai ya tarar da cewa ratar da ke tsakanin rukunin biyu ta ragu ƙwarai: gwanayen sun koma yin irin abin da raunana ke yi, suna manne wa kalma ɗaya ɗaya maimakon bin ma'anar zance. Clarke ya kwatanta lamarin da haɗuwar wayoyin lantarki, inda wuta ke yanke hanya ta kasa isa inda ake bukatarta. Gwanintar tana nan a kan mutum, amma ƙarancin harshe ya katse ta kafin ta yi aiki.

Daga nan bincike ya koma kan wata tambaya mai sauƙin aunawa: kashi nawa na kalmomin shafi ya kamata mutum ya sani kafin ya fahimce shi? Batia Laufer ta Jami'ar Haifa ta ba da adadin kashi 95 cikin 100 a 1989. A shekarar 2000, Marcella Hu da Paul Nation a ƙasar New Zealand suka ɗauki wani ƙagaggen labari suka cire wasu kalmominsa, suka maye gurbinsu da kalmomin ƙarya da ba su da ma'ana, domin su tabbatar ba wanda ya san su. A kashi 80 ba a sami ko mutum ɗaya da ya fahimci labarin yadda ya kamata ba. A kashi 90 da 95 wasu sun iya, amma yawanci ba su kai ba. Suka ƙiyasta cewa sai an kai wajen kashi 98 kafin yawancin masu karatu su fahimci rubutu ba tare da taimako ba.

Gwada da kanka

Kashi 95 a jarrabawa babban sakamako ne, shi ya sa mutane ke mamakin a ce bai isa ba. Hanya mafi sauƙi ta gane dalili ita ce mai karatu ya ɗanɗana abin a harshen da ya fi ƙwarewa. Ga sanarwa mai kalma 40 cif, an sa mata kalmomin ƙarya guda biyu, wato ka san kashi 95 ke nan:

"Ana sanar da dukkan ma'aikata cewa daga ranar Litinin duk wanda ya karɓi kuɗin tafiya zai zimfale su cikin mako biyu. Wanda bai yi haka ba za a dorgashe albashinsa, sai fa idan shugaban sashensa ya rubuto wasiƙa kafin lokacin."

Ka san a kan me ake magana, ka san wa'adin, ka kuma ji ƙamshin hukunci. Dabarunka sun yi aiki har zuwa nan. To amma me ake so ka yi da kuɗin? Ka mayar da su, ko ka kashe su, ko ka kawo rasiɗan yadda ka kashe su? Dukkan ukun sun zauna daram a gurbin, kuma kowanne aiki ne daban. Albashin fa, dakatar da shi za a yi gaba ɗaya, ko cire kuɗin za a yi daga ciki? Kalmomi 38 da ka sani sun kai ka bakin ƙofa, biyun da ba ka sani ba su ne ke riƙe da mabuɗi.

Wannan ba tsautsayi ba ne, haka harshe yake. Kalmomin da suka fi yawo a kowane rubutu su ne ƙanana irin su "da" da "ya" da "cikin", waɗanda kowa ya sani amma ba su ɗauke da labari. Kalmar da ba a cika ji ba, marubuci ya zaɓo ta ne domin ita kaɗai ke faɗin ainihin abin da yake nufi. Saboda haka kashi biyar ɗin da ya ɓace yakan ɗauki nauyin da ya fi kashi biyar na ma'ana nesa ba kusa ba.

Yanzu a ƙara kalmar ƙarya ɗaya. A cire "sai fa idan" a sa "tulkan", jimlar ta koma: "za a dorgashe albashinsa, tulkan shugaban sashensa ya rubuto wasiƙa." Idan "tulkan" na nufin "sai idan", wasiƙar shugaba za ta cece ka. Idan tana nufin "ko da", wasiƙar ba ta da amfani. Babu wani abu a cikin jimlar da zai nuna maka wanne ne, domin duka biyun suna da ma'ana. A irin wannan wuri dabarar cankar ma'ana daga kewayen kalma ta zama jefa kwabo sama.

A shafi mai kalma 300, kashi 95 na nufin baƙin kalmomi 15, wato ɗaya cikin kowace 20, kusan ɗaya a kowane layi biyu. Kashi 98 na nufin guda shida kacal, ɗaya cikin 50. A kashi 90 kuwa sun kai 30, kuma a nan ne abin ke rushewa, domin kalmomin da za ka jingina da su ka canki wata su ma baƙi ne. Ga kuma gajiyar ƙwaƙwalwa: hankalin da ya kamata ya riƙe zaren magana daga sakin layi na uku zuwa na biyar ya ƙare a kokawa da kalma ɗaya ɗaya, kafin ka kai ƙarshen jimla farkonta ya sulale.

Kalmar da ka ɗauka ka sani

Mu koma kan fayil ɗin da ya dawo. Sakin layi na uku na takardar ya ce duk ma'aikacin da aka zaɓa zuwa kwas za a biya shi kuɗin tafiya idan daraktansa ya amince. Sakin layi na biyar ya fara da kalmar da kowane ma'aikaci ya sha gani a allon kwamfutarsa, notwithstanding, ya ambaci sakin layi na uku, sannan ya ce ba za a biya jami'in da bai yi wani abu da kuɗin da aka ba shi a baya ba. Aikatau ɗin da aka yi amfani da shi a wurin shi ne wanda Hausa ta ara ta mayar da shi "ritaya".

Matashin bai tsaya a kan ko ɗaya daga cikin kalmomin biyu ba, domin a ganinsa ya san su. Ta farkon ya farfasa ta gida-gida, ya ga guntun da ke nufin "ba" da guntun da ke nufin "tsayawa", ya fahimci cewa sakin layi na biyar ba ya tsayawa a gaban na uku, wato bai taɓa shi ba. Ainihin ma'anarta kishiyar haka ce: "duk da abin da sakin layi na uku ya ce", ma'ana na biyar ne ke sama, shi ke rinjaye. Abokiyar tafiyarta, subject to, ita ce ke yin akasin haka, ta sa sakin layin da take ciki ya rusuna wa wanda ta ambata. Duk wanda ya rikita waɗannan biyu ya kifar da doka kai ƙasa.

Ta biyun kuwa tun yana yaro ya san ta, ai ritaya ajiye aiki ne. Sai ya ɗauka sharaɗin ya shafi masu shirin barin aiki, kuma ba ko ɗaya daga cikin mutanensa huɗu da ya kusa. Amma a harshen kuɗin gwamnati, yi wa kuɗi ritaya shi ne kawo rasiɗai da bayanin yadda aka kashe kuɗin da aka ba ka tun kafin aiki, tare da mayar da abin da ya rage. Biyu daga cikin mutanen ba su kawo bayanin tafiyarsu ta baya ba, shi ya sa aka soke su.

Laufer ta yi rubutu a kan irin waɗannan kalmomi masu yaudara, waɗanda suke kama da a fili suke alhali a rufe suke. Wasu gutsattsarinsu ne ke ɓatar da mutum, kamar ta farkon nan. Wasu suna da ma'ana fiye da ɗaya mai karatu kuwa ɗaya ya sani, kamar ta biyun. Harshen ofis cike yake da su. Kalmar da ta ba mu "minti" tana nufin minti na agogo, tana nufin rubutaccen bayanin taro, tana kuma nufin ɗan sharhin da jami'i ke rubutawa a fayil. Kalmar da aka fi sani da ma'anar ƙuri'a, a takardun kuɗi tana nufin kason da aka ware wa wani aiki a kasafi.

Abin lura a nan shi ne gwanintar matashin ita ce ta ƙara dulmiyar da shi. Raunanan masu karatu sukan tsaya su ce ba su gane ba. Gwani kuwa ya saba ɗinke ma'ana, don haka da ya sami guntaye biyu na kuskure sai ya haɗa su ya gina labarin da ya tsaya da ƙafarsa: sharaɗi ne na masu ritaya, kuma bai shafi sakin layi na uku ba. Ƙararrawar da ke kaɗawa a kan mai karatu idan magana ta ƙi haɗuwa ba ta kaɗa ba, saboda maganar ta haɗu. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya san dare ya yi yakan nemi fitila. Wanda ya ɗauka gari ya waye shi ne ke faɗawa rami da saurinsa.

Kalmomi nawa ne suka isa?

Masana ba sa ƙirga kalma ɗaya ɗaya, dangi-dangi suke ƙirgawa. A Hausa, "rubuta" da "rubutu" da "marubuci" da "rubutacce" dangi ɗaya ne. A lissafin da Nation ya fitar a 2006, dangi 1,000 da suka fi yawo a Turanci sukan rufe kusan kashi 80 na rubutu. Dubu na biyu yakan ƙara ƙasa da kashi 10, daga nan kowane dubu sai ƙara ƙanƙancewa yake yi. Kafin a kai kashi 98 a jarida ko littafin labari, sai mutum ya mallaki dangi 8,000 zuwa 9,000. Don sauraron magana kuwa 6,000 zuwa 7,000 sun wadatar. A 2010 Laufer da abokiyar aikinta suka nuna cewa dangi 4,000 zuwa 5,000 ne ke kai mutum wajen kashi 95.

Waɗannan alƙaluma sun bayyana wani abu da ke ɗaure wa shugabanni kai. Ma'aikaci yana zuba Turanci a taro ba gargada, amma a ba shi Dokokin Aikin Gwamnati ko Ƙa'idojin Kuɗi sai ya riƙa tuntuɓe. Mai magana shi ke zaɓen kalmominsa, yana kewaye wadda bai sani ba. Mai karatu kuwa ba shi da zaɓi, abin da aka rubuta shi zai haɗiya. Tafiya daga kashi 95 zuwa 98 kuma, ko da yake taku uku ce a ido, tana bukatar kusan ninka kalmomin da mutum ya sani.

Sai dai kada a ɗauki waɗannan lambobi kamar katanga. Norbert Schmitt da abokan aikinsa sun gwada mutum 661 daga ƙasashe takwas a wani bincike da aka buga a 2011, suka ga fahimta tana hawa ne sannu a hankali yayin da sanin kalmomi ke ƙaruwa, ba tare da wani tsalle a wuri ɗaya ba. Sun kuma ga cewa ko waɗanda suka san kowace kalma ba su amsa dukkan tambayoyi daidai ba. Wanda bai san yadda kuɗi ke fita daga baitulmali ba, sanin kalmomi kaɗai ba zai fahimtar da shi takardar kuɗi ba. Kalmomi sharaɗi ne na farko, sanin fanni da dabarun karatu su ke ɗorawa a kai.

Yadda za ka auna kanka

Gwajin farko ba ya cin minti goma. Ɗauki shafi ɗaya na irin takardar da ka saba aiki da ita, ka ƙirga kalma 300, ka ja layi a ƙarƙashin duk wadda ba za ka iya faɗin ma'anarta da Hausa nan take ba. "Na sha ganinta" ba sani ba ne. Idan layukan ba su wuce shida ba, dabarunka za su ɗauke ka. Daga bakwai zuwa 15, za ka gane jigo amma kada ka taƙaita wa kowa takardar sai da ƙamus a gefe. Idan sun haura 15, matsalarka ta kalmomi ce, kuma kwas ɗin saurin karatu ba zai magance ta ba.

Wannan gwaji yana da makanta guda: ba ya kama kalmar da ka ɗauka ka sani. Matashin namu da zai ci shi ba tare da ya ja wa kalmominsa biyu layi ba. Don haka akwai gwaji na biyu, na takardun da ke ɗauke da umarni. A kowane sakin layi ka amsa da Hausa: wa zai yi, me zai yi, yaushe, kuma wa aka keɓe? Sannan ka duba kalmomi iri biyu a ƙamus ko da kana jin ka san su, wato kalmar da ta haɗa sakin layi da wani, da aikatau ɗin da ke ɗauke da umarnin. Idan ka ga sananniyar kalma a wurin da ba ka saba ganinta ba, kamar ritaya kusa da kuɗi, ka ɗauka tana da wata ma'ana har sai ƙamus ko wani tsohon hannu a sashen kuɗi ya tabbatar maka. Matambayi ba ya ɓata.

Cike giɓin kuwa ba ya bukatar haddace ƙamus. Harshen gwamnati yana maimaita kansa, kalmomin da suka kayar da kai a sanarwar wannan wata su ne za su dawo a ta wata mai zuwa. Ka buɗe ɗan littafi, duk kalmar da ta tare ka ka rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki da ma'anarta ta ofis da Hausa, ka riƙa waiwayarta bayan kwana ɗaya, bayan mako, bayan wata. Kalma biyar a kowace ranar aiki ta haura dubu a shekara. Wanda ke son tsararren jeri zai iya neman wanda Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai dangi 570 na kalmomin rubutun ilimi, da yawansu kuwa suna yawo a rahotanni da takardun manufofi. Karanta takardu da yawa a kan fanni ɗaya a jere shi ma yana taimakawa, domin kalma takan zauna ne bayan an haɗu da ita sau da dama a wurare mabambanta.

Akwai kuma rabon masu rubuta takardun da masu karɓar taƙaitawa. Yawancin waɗanda za su karanta sanarwar gwamnatin tarayya, daga Sakkwato har Kalaba, Turanci harshe na biyu ne ko na uku a wurinsu. Jami'in da ya rubuta sharaɗi da kalma mai sauƙi, ko ya ƙara layi ɗaya yana fayyace abin da ake nufi da yi wa kuɗi ritaya, ya rage wa kansa fayilolin da za su dawo. Darakta kuma, maimakon ya tambayi mataimakinsa ko ya gane, wanda amsarsa kullum "e, ranka ya daɗe" ce, gara ya ce masa: "Faɗa mini da Hausa, wa wannan sakin layi ya hana kuɗi?" Da an yi wa matashin wannan tambaya ranar Litinin, da ya ambaci masu barin aiki, da kuma an gano kuskuren kafin fayil ya bar tebur.